Ribar da ke kan allo ba taka ba ce tukuna

Duk wanda ke zama a fadar matasa a Maradi, Damagaram ko Yamai ya san hoton. Wani ya ɗauko allon wayarsa ya ɗora a WhatsApp, lambobi shuɗɗa jere, ribar dala ɗari biyu ko uku a cinikin zinariya. Bayan kwana biyu ka tambaye shi nawa ya cire, sai ya sosa ƙeya ya ce kasuwa ta juya. Hasashensa na shiga daidai ne, domin farashin ya tafi inda ya ce zai tafi. Abin da bai shirya ba shi ne fita.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Oktoba na 2025 farashin ozar zinariya ya haye dala 4,000 a karon farko, ya kai wajen 4,380, sannan a ranar 21 ga watan ya faɗi da fiye da kashi 5 cikin ɗari a yini guda. Wanda ya saya tun da wuri yana da gaskiya har tsawon makonni. Amma idan bai rage kayansa ba, bai kuma matso da shingensa ba, yini ɗaya ya ishe shi ya mayar da babban kaso na abin da ya tara.

Ra'ayina shi ne, ga matashin da ke ciniki da ƙaramin jari, hanyar da ta fi dacewa ita ce ya fita kashi-kashi, ya kuma bar kashi na ƙarshe a hannun shinge mai bin farashi. Amma ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Wannan hanya tana da kuɗinta, kuma masu koyar da ita a TikTok ba su cika faɗin nawa ba ne. Za mu lissafa shi a nan. Duk inda na ce dala, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Ciniki ɗaya, daga shiga har fita

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin bi. Ka buɗe MetaTrader 5, ka sayi zinariya, wato XAUUSD, a kan dala 3,300. A wajen yawancin dillalai lot ɗaya oza 100 ne, don haka 0.01 oza ɗaya ke nan, kuma duk motsin dala ɗaya a farashi dala ɗaya ce a aljihunka. Ka shiga da 0.03, oza uku. Ka sa shingen asara, abin da allon ke kira Stop Loss, a 3,280. Tazarar shiga da shinge dala 20 ce, sau oza uku, dala 60. Idan muka ɗauki dala a sefa 600 don sauƙin lissafi, jika 36 ke nan ka amince ka rasa. Wannan tazara ta dala 20 ita ce mudun da za mu auna komai da shi. Ka riƙe ta.

Farashi ya hau zuwa 3,320. Ya tafi mudu ɗaya ke nan. A nan ka rufe oza ɗaya, dala 20 ta shiga asusu. Saura oza biyu.

Yanzu ne mutane da yawa ke yin kuskuren da suke ɗauka dabara ce. Da sun ga riba sai su ja shingen su ajiye shi daidai kan 3,300, inda suka shiga, su ce ai yanzu ba asara. Matsalar ita ce wurin da ka shiga galibi wuri ne da farashi ya fasa, kuma kasuwa tana yawan dawowa ta taɓa irin wannan wuri kafin ta ci gaba. Sai ta sauko 3,299, ta kwashe ka, ta tafi abinta kana kallo. Alhali lissafi bai tilasta maka hakan ba. Kana da dala 20 a hannu, oza biyu suka rage, don haka ko shingen yana 3,290 aka taɓa shi, asarar dala 20 ce, ribar da ka riga ka ɗauka ta shanye ta. Ma'ana, ribar kashin farko ta saya maka fili na dala goma a ƙasan wurin shigarka. Wannan shi ne amfani na farko na fita kashi-kashi, kuma shi aka fi mantawa.

To ina ya kamata shingen ya zauna? Amsar ba ta cikin zuciyarka, tana cikin numfashin kasuwar. Farashi ba ya hawa a miƙe, yana hawa ne yana ja da baya. Akwai ma'aunin da ke nuna girman wannan kai-komo, ana kiransa ATR, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978, kuma yana cikin kowace manhajar ciniki. A taƙaice yana gaya maka matsakaicin tsawon kyandir ɗaya, galibi a kan kyandirori 14 na baya. A ce a jadawalin awa-awa ya nuna 8. Wata sananniyar ƙa'ida, wadda ake dangantawa da Chuck LeBeau, ita ce a ninka shi sau uku a cire daga wuri mafi tsawo da farashin ya kai. Takwas sau uku 24. Tunda ƙololuwar yanzu 3,320 ce, shingenka zai koma 3,296. Idan aka taɓa shi, ka rasa dala 8 a oza biyu, ka tashi da ribar dala 12. Idan kuma farashi ya sauko 3,299 ne kawai ya juya, kana nan a ciki.

Ya juya, ya hau zuwa 3,340, mudu biyu. Ka rufe oza ta biyu, dala 40. Jimillar abin da ya shiga hannu dala 60, daidai da abin da ka sa a haɗari tun farko. Shinge ya koma 3,316.

Oza ta ƙarshe ba ta da wurin sauka. Ba ka sa mata Take Profit. Aikinka kawai ka bi ta da shinge. Farashi ya kai 3,370, shinge ya koma 3,346. Sai ya ja baya zuwa 3,352, dala 18 ta zube a gabanka, hannunka yana ƙaiƙayi. Ba ka taɓa komai ba, domin 18 ba ta kai 24 ba, numfashi ne kawai. Ya sake hawa har 3,410, shinge ya koma 3,386. Daga nan kasuwa ta gaji, ta sauko ta taɓa shi. Dala 86 a oza ta ƙarshe. Jimilla: 20 da 40 da 86, dala 146.

Ka lura ba ka sayar a 3,410 ba. Mai bin farashi da shinge ba ya taɓa sayarwa a ƙololuwa, kullum sai ya mayar da wani abu. Dala 24 ɗin nan ita ce ladan da ka biya don a bar ka ka yi tafiya daga 3,340 zuwa 3,386. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: shinge yana hawa, ba ya sauka. Ko ATR ya ƙaru, lissafi ya ba ka lamba ƙasa da inda shingen yake, ka bar shi inda yake. Ranar da ka ja shi baya don ka ba kasuwa dama, ranar ka daina bin tsari ka koma fata.

Kuɗin da ba a faɗa maka

Yanzu mu kawo abokinka da ya shiga tare da kai, oza uku, shinge iri ɗaya, amma bai rufe ko ɗaya ba sai da shingen ya fitar da shi a 3,386. Shi ya samu 86 sau uku, dala 258. Kai 146. Bambancin dala 112 ne, fiye da jika 67. Wannan ne farashin fita kashi-kashi a ranar da kasuwa ta yi doguwar tafiya.

Akwai wani abu mai ɗaci kuma. A ranar da farashi ya faɗi kai tsaye zuwa 3,280 ba tare da ya hau ba, ku biyun dala 60 kuka rasa. Wato asararka tana zuwa ne da cikakken kaya, oza uku, amma babbar ribarka tana zuwa da oza ɗaya. Duk wanda ya ce maka fita kashi-kashi tana ƙara riba a kowane hali, ko bai yi lissafi ba ko yana da kwas ɗin da yake sayarwa.

To yaushe ne kai ke cin abokinka? A ranar tsaka-tsaki. A ce farashin ya kai 3,342 kawai ya juya. Shinge yana 3,318. Kai ka ɗauki 20, ka ɗauki 40, ta ƙarshe ta ba ka 18, dala 78. Shi kuwa 18 sau uku, dala 54. Ka fi shi da 24.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi da kansa. A babbar rana ka rasa 112 idan aka kwatanta da shi, a matsakaiciyar rana ka fi shi da 24. Kana bukatar matsakaitan ranaku kusan biyar kafin su biya babbar rana ɗaya. Don haka tambayar ba ta ra'ayi ba ce, ta ƙidaya ce. Buɗe tarihin cinikinka, duba guda talatin ko hamsin na baya, ka rubuta iyakar inda kowanne ya kai kafin ya juya, da mudun da muka yi magana. Idan yawancin masu riba suna mutuwa ne tsakanin mudu ɗaya da biyu, fita kashi-kashi tana yi maka aiki. Idan kuwa kana yawan kama doguwar tafiya ta mudu huɗu ko biyar, to kana yanke reshen da ke ba ka inuwa.

Duk da haka, me ya sa nake goyon bayanta

Saboda abokin nan naka na cikin lissafi ba mutum ba ne, lamba ce. Mutum na gaske, a waccan matsakaiciyar rana, ya ga dala 126 a allo, sannan ya zauna yana kallo tana narkewa har ta koma 54. Ya yi haka sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu a jere. A karo na biyar, wanda shi ne zai kai 3,410, yana ganin dala 50 sai ya danna rufewa da hannu yana cewa wannan karon ba za a yi da ni ba. Ya sha ɗacin tsarin duka, bai ɗanɗana zaƙinsa ba. Idan kuɗin da ke asusun na haya ne, ko wanda ɗan ci-rani ya yi niyyar turawa gida ƙarshen wata, haƙurin ya fi haka gajarta.

Tsarin da ya fi riba a takarda amma ba za ka iya bin sa ba, bai kai wanda ya gaza shi kaɗan amma kana bin sa kullum ba. Wanda ya riga ya sa dala 60 a aljihu yana iya kallon oza ta ƙarshe tana kai-komo ba tare da gabansa ya faɗi ba. Abin da kake saya da dala 112 ke nan: ikon barin kashi na ƙarshe ya yi tafiyarsa.

Ƴan kasuwar hatsinmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. Mai sayen gero ko wake da kaka ya ajiye, ba ya jiran rana ɗaya ya buɗe sito ya zubar da komai. Yana fitar da wasu buhuna idan farashi ya motsa, ya mayar da uwar kuɗinsa, ya riƙe sauran zuwa tsakiyar damina. Ya kuma san cewa da sabon amfanin gona ya shigo kasuwa, wanda ya riƙe komai yana jiran ƙari shi zai yi kuka. Bambancin kawai, shi yana da watanni ya yi tunani, kai wani lokaci minti biyar gare ka.

Sai dai goyon bayan nawa yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, kada ka ɗauki kashin farko kafin farashi ya tafi mudu ɗaya cikakke. Wanda ke rufe oza biyu a ribar dala 5 kowacce alhali shingensa dala 20 ne, yana cin goma yana rasa sittin, kuma asara ɗaya za ta share nasarori da yawa. Na biyu, kashi na ƙarshe haramiyarka ce ka rufe shi da hannu. Shi ne kaɗai zai biya kuɗin tsarin. Idan kana rufe shi duk lokacin da ka tsorata, to ba fita kashi-kashi kake yi ba, tsoro ne ka raba gida uku.

Inda abin ke lalacewa a aikace

Abu na farko shi ne girman shiga. Mafi ƙarancin abin da yawancin dillalai ke karɓa 0.01 ne. Idan da 0.01 ka shiga, babu abin rabawa. Kada kuma ka ninka kayanka sau uku don kawai ka samu abin rabawa. Asarar dala 60 kashi 2 cikin ɗari ce ga mai dala 3,000, amma ga mai dala 200 kusan sulusin jarinsa ce. Mai ƙaramin asusu ko dai ya yi amfani da asusun da ake lissafi da santi, ko ya shiga da 0.01 ya bi shi da shinge kawai.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Maɓallin Trailing Stop da ke cikin MetaTrader a kan kwamfutarka yake aiki, ba a wajen dillali ba. Stop Loss da Take Profit suna zaune a na'urar dillali, ko ka kashe waya suna nan. Amma mai jan shingen sama manhajarka ce. Idan aka ɗauke wuta da zafin Afrilu, ko rezo ya yanke, shingen zai tsaya a inda aka bar shi na ƙarshe. Manhajar waya kuwa ba ta da wannan maɓalli, da hannu ake matsarwa. Ni a ganina hakan ma ya fi: ka jira kyandir na awa ya rufe, ka yi lissafinka, ka gyara Stop Loss sau ɗaya. Ga wanda ke wurin aiki ba ya iya kallon waya, idan asusunsa yana ba da damar buɗe ciniki da yawa a kaya ɗaya, ya buɗe 0.01 sau uku. Na farko Take Profit a 3,320, na biyu a 3,340, na uku babu. Biyun farko za su rufe kansu ko yana barci.

Na uku, lambar da ake rubutawa. Trailing Stop ba da dala yake karɓa ba, da ƙaramin ma'aunin farashi ne. Idan dillalinka yana nuna zinariya da lamba biyu bayan ɗigo, kamar 3300.25, to dala 24 ita ce 2400. Wanda ya rubuta 240 ya sa shinge na dala 2.40, kuma zinariya tana iya yin wannan motsi cikin minti ɗaya. Alamar shinge ya matse da yawa a bayyane take: ana yawan fitar da kai da ƴar riba, bayan awa ɗaya farashin ya wuce inda ka fita. Alamar ya yi sako-sako kuwa, kana yawan mayar da fiye da rabin ribar da ka gani. Kada ka gyara saboda ciniki ɗaya, sai ka ga abin ya maimaitu sau goma.

Na huɗu, shinge ba alkawari ba ne. Umarni ne cewa idan farashi ya taɓa nan a sayar a farashin da aka samu. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda galibi ke fitowa ranar Juma'ar farko ta wata, yana sauka ne da ƙarfe 1:30 na rana agogon Nijar a lokacin bazararsu, 2:30 a lokacin sanyinsu, daidai sa'ar da yawancinmu ba ma kusa da waya. A irin wannan minti farashi yana iya tsallake 3,386 ya rufe ka a 3,378. Haka ma ƙarshen mako: kasuwar zinariya tana rufewa daren Juma'a, ta buɗe daren Lahadi, wani lokaci a wani wuri dabam. Mafi munin misali shi ne ranar 15 ga Janairun 2015, da babban bankin Switzerland ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin kuɗinsa da yuro. Farashi ya yi tsalle ya wuce shingayen mutane da nisa, wasu suka wayi gari ana bin su bashi. A nan fita kashi-kashi tana da wata fa'ida da shinge ba shi da ita: abin da ka riga ka rufe, babu tsallen da zai taɓa shi.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka ya samu makullin arziki. Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Kyakkyawar fita ba ta gyara mummunar shiga. Abin da take yi shi ne hana cinikin da ya yi daidai ya koma asara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka danna Buy, ɗauki takarda ka rubuta lambobi huɗu: inda shingen farko yake, inda za ka rufe kashi na ɗaya, inda za ka rufe na biyu, da tazarar da za ka bi na ƙarshe da ita. A misalinmu su ne 3,280, 3,320, 3,340 da 24. Idan ba za ka iya cike guraben nan huɗu ba, ba ka shirya shiga ba. Idan kuma ka cike su, to duk abin da zuciyarka za ta raya maka bayan lambobin sun koma shuɗɗa, takardar ta riga ta ba shi amsa.